Darasi Na Tara: Rubuta Ƙorafi Idan Intanet Na Yawan Ɗaukewa

Toh 'yan aji, yau kan wasiƙar ƙorafi za mu tsaya, irin wadda ake rubuta wa kamfanin da ya ja maka intanet gida ko shago, kana biya duk wata amma sabis ɗin yau akwai gobe babu. Kiran waya ka yi ta faɗa ba ya dawo da ko sisi, za a ce maka ka yi haƙuri ana kan gyara, shikenan. Abin da kamfani ke saurara shi ne kwanan wata da lokaci da lamba.

Kafin ka ɗora musu laifi ka duba rawutar ka tukuna, wato na'urar da ke raba maka intanet ɗin a gida ko shago. In ba fitila ko ɗaya a kunne, matsalar wuta ce ko caja, wannan taka ce. In kuɗinka ne ya ƙare shi ma naka ne. Amma in layin faiba kake amfani da shi ka ga fitilar da aka rubuta LOS ta koma ja, to sigina ba ta isowa daga wajensu, sau da yawa wayar ce aka datse wajen aikin titi ko haƙa kwata, kuma mu a Kano mun san yadda ake haƙa. Ka ɗauki hoton fitilar da wayarka, hoton zai riƙe rana da lokaci. Sai ka kira su nan take ka ce a ba ka lambar ƙorafi, wadda suke cewa tikiti, ka rubuta ta a littafi. Kada ka bari sai gobe, don galibi daga lokacin da ka sanar za su fara ƙirga maka, ba daga lokacin da ya ɗauke ba.

Mu ɗauki wani mai shagon buga takardu a Kabuga, yana biyan naira 24,000 a wata. Littafinsa ya nuna ranar 3 ga wata ya ɗauke awa 48, ranar 11 awa 12, daga ranar 19 awa 72, sai ranar 27 awa 12. In ka haɗa awa 144 ke nan, ka raba da 24 ya ba ka kwana 6. Yanzu raba 24,000 gida 30, kuɗin kwana ɗaya naira 800. Kwana 6 sau 800, naira 4,800. Wannan ce haƙƙinsa da zai nema. Na san zuciya za ta ce a saka har cinikin ɗaliban da suka juya suka tafi wani shagon, amma a ganina bar shi, da wuya kamfani ya biya asarar ciniki kuma yana ba su ƙofar jan magana.

Ga yadda zai rubuta:

Zuwa ga Manajan Kula da Kwastomomi,
Bayan gaisuwa, ni ne mai asusu lamba ........ a Kabuga, Kano. A watan da ya wuce sabis ɗina ya ɗauke sau huɗu, ranakun 3, 11, 19 da 27, jimla awa 144, wato kwana 6. Duk na sanar da ku, ga lambobin tikitin: ........ Na biya naira 24,000 cif. Ina neman a rage min naira 4,800 daga kuɗin wata mai zuwa, ko a ƙara min kwana 6 a kan ranar ƙarewar sabis ɗina. Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 14. Na haɗa da rasit da hotuna. Na gode.
Suna, sa hannu, lambar waya, kwanan wata.

Kun ga ba zagi ba Allah ya isa, kuma ya ba su zaɓi biyu, don wanda ke biya kafin amfani ƙarin kwanaki ya fi saurin samu a kan a mayar masa da kuɗi. In sun ce sai da Turanci ka ba wani ya juya maka, lambobin dai kada a taɓa su. Ka yi kwafi biyu, ka kai ɗaya ofis su buga maka hatimi a ɗayan ka riƙe, in ta imel ne kada ka goge. Sannan ka duba takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da aka ja maka layin, in akwai sharaɗin ragi a ciki ka ambace shi a wasiƙar.

In kwanakin suka cika shiru, sai ka kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne. Sai dai ka riƙe lambar tikitinka a hannu, don ƙa'ida ita ce sai ka fara kai kuka wajen kamfanin kafin ka zo wajensu.

Aikin gida: wata mai ɗinki a Gwammaja tana biyan naira 15,000 a wata, sabis ya ɗauke mata awa 96. Ku fitar da kwanakin da kuɗin, sannan ku rubuta mata wasiƙar, ku zo da ita aji na gaba.