Naman firiza bayan an daɗe babu wuta: kurakuran da aka fi yi

Duk damina sai iska ta kayar da falwaya a nan Jos, unguwa ta kwana uku cikin duhu, sannan amare su fara tambayata: "Anti, naman bai yi wari ba, in dafa?" Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na rubuta.

Kuskuren farko shi ne dogaro da hanci. Ƙwayoyin da ke sa nama wari daban, masu kwantar da mutum da amai da gudawa daban, kuma waɗannan na biyun ba su cika sauya wa nama ƙamshi ko launi ba. In ya yi wari ko yauƙi, a zubar. In bai yi ba, hanci bai wanke shi ba tukuna, saura shaidar sanyi. Sa hannu ki danna tsakiyar ledar. In akwai sauran ƙanƙara a jikin tsokar, ko ma'aunin zafi ya nuna digiri 4 ko ƙasa, ki dafa ko ki mayar. In ya saki gaba ɗaya, sanyin ya fita, ya wuce awa 2 a haka, ya tashi daga abinci. Firiza cike maƙil da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya kuwa awa 24. Firji awa 4 ne kacal.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne naman da ya narke, wuta ta dawo, ya sake daskarewa. Wata shekara bayan Babbar Sallah mun yi tafiya, muka bar ragowar naman layya a firiza. Wuta ta lalace a bayanmu, aka gyara kafin mu dawo. 'Yar da ke taya ni aiki ta buɗe, ta ga nama kamar dutse, ta ɗauko kayan ciki ta yi farfesu. Kafin asuba autana yana kan gadon asibiti ana ƙara masa ruwa. Da na leƙa firizar, ga shaida ƙiri-ƙiri: jini ya taru a gindin kowace leda ya daskare, yankan naman sun manne sun zama dunƙule guda, ga jan ruwa ya kwanta a ƙasan firizar ya zama ƙanƙara. Naman da bai taɓa narkewa ba ba ya zubar da jini haka. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take yi, duk abin da suka hayayyafa a kwanakin duhu yana nan yana jira.

Tun daga nan nake daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, in ɗora tsohon mukulli a kan ƙanƙarar, in ajiye a saman kaya. In na dawo na tarar da mukullin a sama, hankalina ya kwanta. In yana gindin kofi, ƙanƙarar ta narke duka, ba na dafa naman ko da ya yi tauri.

Sai masu cewa "ai wuta na kashe komai". Haba jama'a! Tafasa na kashe ƙwayoyin, gaskiya ne, amma wasunsu kan bar guba a cikin naman, irin wadda tafasa da suya ba sa lalatawa. Ki zuba citta, ki zuba masoro, ki soya har ya yi ƙayau, gubar tana nan. Wanke shi da lemun tsami kuma wari kawai yake ɓoyewa. Na san kuɗin nama a 'Yan Shanu, na san zubar da cinyar rago na da ciwo, amma kada ki kai wa almajiri ko maƙwabciya da sunan sadaka. Abin da ba za ki ba ɗanki ba, kada ki ba ɗan wani.

"Ai Jos garin sanyi ne" ma ba hujja ba ce. Sanyin da ke sa ki saka rigar sanyi a kicin bai kai na firji ba.

Ƙananan kurakuran: buɗe firiza kowace awa don a duba, kowace buɗewa sanyi ne ke fita. Ɗanɗana romo don gwaji, kada ki yi. Yi wa duk kayan hukunci ɗaya, alhali na sama da na jikin bango ke fara saki, kuma kayan ciki, kifi, kaza da niƙaƙƙen nama sun fi babbar tsoka saurin lalacewa.

Ni dai ba na jiran kwana biyu su cika. Da wuta ta kwana ɗaya ba labari, nake sayo ƙanƙara in jera a saman naman, in lulluɓe firizar da bargo, in cire shi da zarar wuta ta dawo. In washegari ma shiru, sai in kwashe naman tun da sauran ƙanƙararsa, in fara da kayan ciki, in tafasa da gishiri, in soya ya bushe sosai, ragowar in yi dambu.