Kurakuran da ake yi wajen ƙiyasta ƙuna daga hoto

Masu koyar da taimakon gaggawa sukan yi amfani da hotunan waya idan an zo darasin ƙuna, musamman da hunturu, lokacin da ruwan wanka mai zafi da wutar jin ɗumi suke yi wa yara ɓarna. Hoto yana da amfani, amma launi da siffa kawai yake nunawa, kuma daga nan yawancin kurakuran suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗaukar lissafin babba a ɗora wa yaro. A ƙa'idar tara-tara, wadda ake ƙiyasta faɗin ƙuna da ita, kan babban mutum da wuyansa kashi 9 ne cikin 100 na fatar jiki duka, kowane hannu 9, gaban gangar jiki 18, baya 18, kowace ƙafa 18, al'aura 1. Jariri kuwa kansa ya kai kashi 18, kowace ƙafa wajen 14. Don haka ga yara a koma jadawalin Lund da Browder na 1944, wanda yake gyara kason bisa shekaru, ko a auna da tafin hannu. Nan ma akwai tuntuɓe: tafin majinyacin ake nufi, ba na mai kallo ba, kuma sai an haɗa da yatsu yake zama kusan kashi 1. Ban da yatsu, rabin haka ne.

A ce an nuna wa ɗalibai hoton yaro ɗan shekara 2 da kunu ya zubo masa a ƙirji da damtsen dama. Da yawa za su ce gaba 18, hannu 9, jimla 27. Sun ƙirga ɓangaren jiki gaba ɗaya alhali wani yanki ne ya ƙone, sun kuma haɗa da fatar da ta yi ja kawai ba ta tashi ba, wadda ba a sa ta a lissafi. A duba hannun yaron a cikin hoton, a riƙa ɗora girmansa a kan inda ya yi bororo ko ya saluɓe. Ƙirji ya ci tafi 5, damtse 2, ke nan kashi 7. Sai malami ya tambaya: ina bayan? Abu mai ruwa yana gangarawa, yana bin riga. Idan hoto na biyu ya nuna tafi 4 a kafaɗa da hammata, an kai 11, an wuce kashi 10 da yaro yake buƙatar ƙarin ruwa a asibiti. A ganina duk darasin da aka yi da hoton gefe ɗaya bai cika ba. Haka kuma hoton da aka matso da shi sosai, babu hannu babu gaɓa a ciki, ba ya aunuwa sam.

Zurfi ya fi wuya. Littattafai suna cewa a nemi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Abin da hoto zai iya nunawa shi ne: bororo da jiƙaƙƙen nama mai jaja-jaja alamar ƙunar ba ta ratsa fata duka ba, wuri busasshe, fari ko ruwan ƙasa kamar jemammiyar fata, alamar ta ratsa. Sauran sai da hannu. Ana danna wurin a ga ko ya yi fari sannan jini ya dawo, ana tambaya ko yana zafi. Ɗalibai kan ɗauka wanda ba ya zafi shi ne mai sauƙi, alhali jijiyoyin ji ne suka mutu.

Fitilar waya tana sa jiƙaƙƙen ciwo ya yi fari, a ce mai zurfi ne. A ɗauka da hasken rana a inuwa, wayar tana fuskantar ciwon kai tsaye. Idan kuma an riga an shafa man goge baki, ƙullu, ɗanyen ƙwai ko manja, kamar yadda ake yi a gidajenmu, launin ya ɓace, kada a yanke hukunci. Ruwa mai sanyi yana zuba minti 20 shi ne abin yi, ba ƙanƙara ba, sannan a lulluɓe yaron kada sanyi ya kama shi.

A riƙa rubuta lokacin da aka ɗauki hoton, domin ƙuna tana iya ƙara zurfi cikin awa 48 zuwa 72. Kuma a koya wa ɗalibai cewa ƙunar fuska, hannu, tafin ƙafa, al'aura, kan gaɓa, wadda ta zagaye hannu ko ƙirji, da ta lantarki, ba a jiran lissafi. A wuce babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko da tafi ɗaya ce.