Yadda Ɗigogi Ke Jefa Ƙuri'a Don a Gano Miƙaƙƙen Layi a Hoto

Idan kwamfuta ta tace hoto ta bar gefunan abubuwa kaɗai, abin da ya rage ɗigogi ne a warwatse. Idonka zai ga bakin titi ko gefen ƙofa nan take, amma ita kwamfuta lambobi kawai take gani, wato `x` da `y` na kowane ɗigo. Dabarar da Paul Hough ya yi wa rajista a 1962 ita ce a bar ɗigogin su yi zaɓe. Salon da za mu bi na Duda da Hart ne, na 1972.

Kowane miƙaƙƙen layi ana gane shi da lambobi biyu. Daga mafari, inda `x` da `y` suke sifiri, ja sanda mafi gajarta zuwa layin. Tsawon sandar shi ne `ρ`, kusurwar da ke tsakaninta da layin `x` kuma `θ`. Duk ɗigon da ke kan layin yana cika wannan lissafi:

```
ρ = x·cos θ + y·sin θ
```

Ɗauki ɗigogi huɗu: A(1,3), B(2,2), C(3,1), D(4,3). Kusurwa uku za mu gwada. A digiri 0, `ρ` daidai yake da `x`. A digiri 90, daidai yake da `y`. A digiri 45 kuwa, ka haɗa `x` da `y` ka ninka da 0.707. A, B da C duk jimlarsu 4 ce, sun ba da 2.83, mu kai shi 3. D ya ba da 4.95, wato 5.

Yanzu zana teburin ƙuri'u, kowane gida, wato mahaɗar kusurwa ɗaya da `ρ` ɗaya, yana wakiltar layi ɗaya, kuma ya fara da sifiri. Duk amsar da ɗigo ya bayar, ƙara ɗaya a gidanta.

```
ρ      1  2  3  4  5
0°     1  1  1  1  0
45°    0  0  3  0  1
90°    1  1  2  0  0
```

Duba aikinka: kowane jeri dole ya tashi 4, domin ɗigo huɗu ne suka jefa. Gidan digiri 45 da `ρ` 3 ya samu uku, shi ne layin da A, B da C suke kai. Gida mai biyu na A da D ne, kuma kada ya ruɗe ka, don ko waɗanne ɗigogi biyu ana iya haɗa su da layi. Shi ya sa ake kafa iyaka, a nan sai daga uku za a karɓa.

A hoton gaske akan gwada kusurwa 180, daga 0 zuwa 179. Girman gida ne ke ba da wahala. In ya yi faɗi, layuka biyu na kusa da juna sai su zube wuri ɗaya. In ya yi ƙanƙanta, ƙuri'un layi ɗaya su rarrabu a maƙwabta, babu gidan da zai kai iyaka. Teburin kuma ba ya nuna inda layi ya fara ko ya ƙare, sai ka koma hoton ka bi ɗigogin.

Aikin gida: ƙara ɗigo E(0,3), ka buɗe wa `ρ` 0 gida, ka sake ƙirga. Wane gida ne ya kai uku yanzu?