Darasi na Bakwai: Kayan da Mai Saye Ya Dawo da Su

Idan mai saye ya dawo da kaya, ayyuka biyu ne ke jiranka, kuma bai kamata ka haɗa su ba. Na farko shi ne sallamar mutumin da ke tsaye a gabanka. Na biyu shi ne yanke hukunci a kan kayan. Na farko yana son hanzari, na biyu kuwa yana son natsuwa. Sau da yawa asarar da ake tafkawa a wannan fanni daga nan take tasowa: mai shago ya sallami mai saye, sannan ya ɗauki kayan ya mayar kan kanta nan take, ba tare da ya buɗe kwalin ba.

Don haka ka ware wuri guda a shago, ko da kwando ne ko kwali babba, ka rubuta masa "Kayan da aka dawo da su". Duk abin da ya dawo can zai fara sauka. Ba ya komawa cikin kayan sayarwa sai an duba shi.

A gaban mai saye

A ce wata mata ta dawo da butar dafa ruwa ta lantarki kwana 3 bayan ta saya. Ka karɓe ta da fara'a, ka nemi rasidi, ka duba kwanan wata don ka ga ko tana cikin wa'adin da shagon ya gindaya. Sai ka kifa butar, ka karanta lambar da ke jikin takardar da kamfani ya manna a ƙasanta, ka gwada da ta jikin kwali da ta rasidi. Idan ba su zo ɗaya ba, wataƙila tsohuwar buta ce aka sa a sabon kwali. Kada ka yi saurin zargi, domin wani lokacin kuskure ne daga gida. Nuna mata lambobin kawai, ta gani da idonta.

Sannan ka tambaye ta: "Hajiya, me take yi miki?" Ka rubuta amsar yadda ta faɗa. "Ba ta da kyau" bai isa dalili ba. "Ruwa yana tafasa amma ba ta kashe kanta" shi ne dalili, domin ya nuna maka inda za ka duba. Ka rubuta dalilin, da kwanan wata, da lambar rasidi a 'yar takarda, ka manna a jikin kwalin. Kwalin da ba shi da wannan takarda, bayan mako guda ba wanda zai tuna labarinsa.

Dubawa

Bayan ta tafi, ka sami wuri mai haske. Fara da ido da hanci kafin ka jona wuta. Fito da komai ka ƙirga: buta, gindin da take zama a kai, takardar bayani, takardar garanti. Bi wayar da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ko akwai yanka ko inda ta narke. Shinshina filogi da gindin. Idan ka ji ƙauri, tsaya nan, kada ka jona ta. Dubi kawunan noti-notin da ke ƙasa. Idan sun goge ko sun karce, alama ce wani ya kwance ta, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓar garantin kayan da aka kwance.

Buɗe murfi ka leƙa ciki. Cikin buta ya fi kwalinta faɗin gaskiya. Farin ɓawo mai kauri a ƙasanta yana taruwa ne idan an daɗe ana tafasa ruwa a ciki, ba aikin kwana 3 ba ne. Idan kuma ƙarfen ƙasan ya sauya launi, ya yi ruwan kasa ko shuɗi-shuɗi, mai yiwuwa an kunna ta babu ruwa.

A ce duk wannan lafiya lau. Zuba ruwa tsakanin alamar ƙasa da ta sama, rufe murfi, kunna, ka tsaya a wurin. Ga abin da ya kamata ka sani game da irin wannan buta: tururi ne ke kashe ta. Idan ruwa ya tafasa, tururin yana bi ta wata 'yar hanya ya isa wani ƙaramin ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ji zafi, shi ne ke ture makunni. In murfi bai rufu ruf ba, tururin zai tsere ta sama, butar kuma ta yi ta tafasa. Saboda haka ka gwada ta sau biyu ko uku, murfi a rufe sosai, kana barinta ta huce tsakanin gwaji da gwaji. Idan kowane karo ta kashe kanta, lafiyarta ƙalau, murfin ne ba a danna ba. Idan kuwa maƙallin murfin ne ya karye, ko ta ƙi mutuwa duk da murfi a rufe, to matsalar ta gaske ce.

Sanya wa kaya aji

Aji huɗu sun wadatar. Aji na ɗaya shi ne kayan da ba a buɗe ba, hatimin kamfani yana nan daram; wannan kaɗai ke komawa cikin sababbi. Aji na biyu an buɗe, amma yana aiki kuma komai ya cika. Ana sayar da shi da rangwame, a kuma rubuta a jiki cewa an taɓa buɗe shi. Aji na uku yana da matsala, sai gyara ko mayarwa ga dilan da ya kawo. Aji na huɗu ba ya sayuwa ko kaɗan.

Butar Hajiya, ko da ta ci gwajin, aji na biyu ce. An tafasa ruwa a cikinta, ta tashi daga sabuwa. Na san akwai masu goge ta su maida cikin leda su jera da sababbi. A ganina wannan ha'inci ne, kuma ba ya ɓoyuwa, domin mai saye na biyu zai ga ɗigon ruwa ko tabonsa a ciki. Idan kana kokwanto tsakanin aji biyu, zaɓi wanda ya fi ƙasa a daraja.

Akwai kayan da kyan gani ba ya cetonsu. Magani, da man shafawar da aka buɗe, da duk abin da sai a cikin sanyi yake zama, ba ka san yadda aka ajiye su ba bayan sun bar hannunka. Waɗannan ba sa komawa kanta.

Mayarwa kanta da gyaran littafi

Nan ne lissafi ke yawan rikicewa. A ce butoci 12 ne a littafinka. Ka sayar wa Hajiya ɗaya, saura 11. Da ta dawo ka musanya mata da sabuwa, saura 10. Butar da ta dawo ba ta mai da su 11 ba. Ana rubuta ta a shafin kayan da aka dawo da su. Bayan dubawa, idan aji na biyu ce, sai ta sami layinta dabam: "Buta, an buɗe, 1". Sababbi suna nan 10. Idan aji na uku ce, tana zama a wancan shafi har ranar da dila ya karɓa, ka sa ya sa hannu. Rubutu da ɗaukar kaya su tafi tare. Wanda ya ɗora kaya a kanta shi zai rubuta, a lokacin, don kada a shigar da abu ɗaya sau biyu.

Kafin ka rufe kwalin aji na biyu, ka bar butar ta bushe sarai da murfi a buɗe, ka cire takardar da ke ɗauke da bayanin mai saye na farko. Kayan aji na ɗaya masu ranar lalacewa kuwa, a jera su bisa kwanan watansu, mai kusa da ƙarewa a gaba.

A ƙarshen wata ka karanta shafin kayan da aka dawo da su daga sama har ƙasa. Idan buta iri ɗaya ta dawo sau uku da dalili ɗaya, ka buɗe sauran da ke kanta ka gwada, ka kuma sanar da dila kafin ka sake saro wasu.

Aikin yi

Wani ya dawo da dutsen guga na lantarki. Yana zafi yadda ya kamata, amma kwalin ya yage kuma babu takardar garanti a ciki. Kana da 8 a littafi kafin ya shigo, ka kuma mayar masa da kuɗinsa. Wane aji za ka ba dutsen gugar? Sababbi nawa littafinka zai nuna yanzu? Rubuta amsarka, ka karanta wa abokin karatunka.