Insha'i ɗaya, maki biyu: inda malamai ke saɓawa da yadda ake rage tazarar

A makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a karkarar Kano ko Jigawa, sau da yawa malamai biyu ne ke raba takardun aji ɗaya, wannan ya ɗauki SS 3A, wancan ya ɗauki SS 3B. In sakamako ya fito sai a ga 'yan A sun yi sama, 'yan B sun yi ƙasa, alhali yaran gari ɗaya ne, littafi ɗaya suka karanta. Nan da nan sai zargi ya tashi, a ce wannan malami yana da son kai, wancan kuma hannunsa a matse yake. Galibi ba haka ba ne. Matsalar ta daɗe: a shekarar 1912 masu bincike Starch da Elliott a Amurka sun ba malaman Turanci 142 kwafin takardun ɗalibai biyu, kowa ya duba duka biyun, ɗaya takardar ta samu maki daga 64 zuwa 98 cikin ɗari, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. Duk ƙwararru ne, amma kowa da abin da idonsa ke nema.

Mu ɗauki takarda guda mu bi ta dalla-dalla. An ce wa ɗalibai su rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan lalacewar famfon tuƙa-tuƙa na garinsu, su kawo illoli uku da hanyar gyara. Sashen Hausa ya aro rabon makin da WAEC ke amfani da shi a insha'in Turanci: ƙumshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10, jimla 50, ana cire rabin maki a kan kowane kuskuren ƙa'ida. Malami na farko ya ba wata takarda 34, malama ta biyu ta ba ta 21. In aka mayar cikin ɗari, 68 ke nan da 42, wato B3 a hannun wannan, E8 a hannun waccan. Yaro ɗaya, takarda ɗaya.

Kuskuren farko da ake yi shi ne a tsaya ana gardama a kan jimla. Jimla ba ta faɗin komai. Sai an warware makin kashi-kashi sannan ake ganin inda aka rabu. A wannan takardar malamin ya ba da 8, 7, 13 da 6, malamar ta ba da 5, 5, 9 da 2.

A fara da ƙa'idojin rubutu, domin nan ne ake zaton ba za a saɓa ba tunda lissafi ne. Malamin ya ƙirga kurakurai 8, ya cire maki 4. Malamar ta ƙirga 16, ta cire 8. Da aka ɗora takardar a tebur sai dalilin ya bayyana. Yaron ya rubuta "kauye" maimakon "ƙauye" har sau biyar. Malamin ya ɗauke shi kuskure ɗaya, malamar ta zagaye kowanne da jan biro, an samu bambancin huɗu. Sauran huɗun waƙafi ne da ta ga ya kamata a sa, shi kuwa bai kula da su ba. A kan irin su "yazo" da "zasu" da "akan titi" duk sun yarda kuskure ne. Babu wanda ya yi rashin gaskiya a cikinsu, illa dai jagoran makin ya ce a cire rabin maki a kan kowane kuskure bai faɗi mene ne kuskure ɗaya ba. Gyaran shi ne a rubuta hukuncin kafin a taɓa takardu: kalma ɗaya da aka maimaita kuskurenta a ƙirga ta sau ɗaya, wata kalmar daban mai irin kuskuren, kamar "karfe" a maimakon "ƙarfe", a ƙirga ta daban, waƙafi kuma sai wanda rashinsa ke dagula ma'ana ko ya saɓa ƙa'ida a fili, kamar na jerin abubuwa. Da wannan hukunci biyu daga waƙafan nan huɗu suka shiga lissafi, kurakurai suka zama 10, makin ya tsaya a 5.

Wata babbar tazarar kuwa a sarrafa harshe take ɓuya, domin shi ne mai maki 20, shi ne kuma mafi wuyar aunawa. Malamar ta ba da 9 saboda takardar ta yi ja jawur da biro, idonta ya riga ya yanke cewa yaron ba ya iya rubutu. To amma jan nan na ƙa'idojin rubutu ne, kuma an riga an cire makinsu a can. Hukunci biyu ke nan a kan laifi ɗaya, kuma shi ne kuskuren da ya fi cutar yaran karkara, waɗanda Hausa ke zaune daram a bakinsu amma ba a horar da hannunsu kan rabon kalma da baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Yaron nan ya rubuta cewa mata na sammakon rafi tun asuba, ba sa dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Wannan jimla ce mai rai, ta dace da batun, makinta yana nan ko da ya manta lanƙwasar wani baƙi a layin da ke biye. Maganin abin shi ne a karanta takarda sau biyu. Karatun farko a ajiye biro, a karanta don ƙumshiya da tsari da harshe, a rubuta makinsu. A karatu na biyu ne za a ɗauki biro a farauci kurakurai.

Shi ma malamin ba a rasa nasa ba. Rubutun yaron mai kyau ne, a jere kamar an buga, ya cika shafi biyu, kuma malamin ya san shi da ladabi a aji. Wannan ya ja shi ya ba da 8 a ƙumshiya. Da aka koma kan tambayar sai aka ga an nemi illoli uku, yaron ya bayyana biyu sosai, wahalar ɗibar ruwa da makarar yara zuwa makaranta, ta ukun kuwa, ciwon ciki daga ruwan kududdufi, ambatonta kawai ya yi a layi ɗaya. Kalmomi irin su "mai kyau" da "mai kyau ƙwarai" a jagoran maki su ke buɗe wannan ƙofar, don kyau a wurin wani ba kyau ba ne a wurin wani. A maye gurbinsu da abin da ake iya nunawa da yatsa: kowace illa da aka bayyana da misali maki 2, wadda aka ambata kawai rabin maki zuwa 1, hanyar gyara mai yiwuwa maki 4. A haka yaron ya samu 2 da 2 da 1, sai 1 a hanyar gyara domin roƙo kawai ya yi a taimaka bai faɗi yadda za a yi ba. Shida ke nan.

Tsari bai ɗauki lokaci ba. Yaron ya sa adireshi biyu da kwanan wata da gaisuwa da sa hannu, bai sa kan wasiƙa ba, sakin layinsa a tsare. Aka tsaya a 6. Harshe ya samu 12. Jimla 29, wato 58 cikin ɗari, C5.

A lura cewa tsakiyar 34 da 21 ita ce 27 da rabi, ba ta yi nisa da 29 ba, shi ya sa wasu shugabannin sashe ke cewa a haɗa a raba biyu a wuce wurin. Wannan yana iya gyara takarda guda da mutum biyu suka duba, amma sauran takardu ɗari da wani abu kowa shi kaɗai zai duba su, kuma dalilin saɓanin yana nan bai motsa ba.

Abin da ke aiki shi ne zaman daidaita maki, irin wanda WAEC da NECO ke yi wa masu duba takardunsu kafin a ba kowa ƙunshinsa. A matakin makaranta awa biyu sun isa. Jami'in jarrabawa ya zaɓo takardu shida, biyu masu ƙarfi, biyu matsakaita, biyu raunana, ya naɗe wurin suna ya sa musu lamba. In babu injin kwafi a kusa, ba sai an jira ranar kasuwa a je hedikwatar ƙaramar hukuma ba: kowa ya rubuta makinsa da kurakuran da ya gani a wata takarda daban, kada ya taɓa ta ɗalibi. Wannan sharaɗin ba abin wasa ba ne, domin wanda ya ga 34 a saman takarda da wuya ya yi nisa da 34, balle in makin babban malami ne. Saboda haka ma a bar ƙaramin malami ya fara faɗin nasa, in ba haka ba kunya da girmamawa za su sa a samu jituwar baki kawai, kowa ya koma gida ya ci gaba da yadda ya saba.

In an jera makin takardun shida gefe da gefe, siffar bambancin ita ke nuna ciwon. Idan malamar tana ƙasa da malamin a duk shidan da maki 5, 6, 4, 5, 6, 5, tsanani ne kawai, kuma shi ne mafi sauƙin gyara, tunda sun yarda da wanda ya fi wani. Idan ɗaya ya tara kowa tsakanin 24 da 30 alhali ɗayan ya baza daga 14 zuwa 41, na farkon tsoron gefe yake yi, ba ya son ba da maki mai yawa ko kaɗan, sai a nuna masa cewa 17 cikin 20 a sarrafa harshe maki ne da aka tanada don a bayar. Idan kuwa bambancin na hawa da sauka, nan sama da 7, can ƙasa da 6, to ba abu ɗaya suke aunawa ba, jagoran makin ne za a sake rubutawa. Sashe ya yanke iyakar da zai lamunta, misali maki 3 cikin 50, abin da ya wuce haka ya tafi ga mutum na uku. Takardun shidan kuma, da makin da aka amince da shi da dalilinsa a layi biyu, su zama ma'auni a hannun kowa.

Ko bayan an daidaita, hannu yana zamewa. Matsakaiciyar takarda da ta biyo bayan raunana huɗu sai ta yi kama da gwaninta, in ta biyo bayan fitacciya kuma sai ta yi kama da shirme. Malamin da ya wuni a aji, ya leƙa gona da yamma, ya zauna bayan isha da fitilar waya, ba makin safe zai bayar a takarda ta hamsin ba. A duba ashirin-ashirin, kafin kowane ƙunshi a sake karanta ɗaya daga takardun ma'auni, sannan kowace takarda ta goma a miƙa wa abokin aiki ya duba ba tare da ya ga makin farko ba. In biyu a jere suka wuce iyakar maki 3, a dakata a sake duba ƙunshin da suka fito daga ciki.

Rabon aikin ma a canza shi. Maimakon kowa ya ɗauki ajinsa, a cakuɗa takardun A da B a raba, ko kuma ɗaya ya duba insha'in kowa da kowa, ɗayan ya duba auna fahimta da nahawu na kowa da kowa. In an yi haka, ko da sauran tsanani a hannun wani, zai faɗa kan dukkan ɗaliban daidai wa daida, ba kan 'yan aji ɗaya ba.