Yadda za ka kwatanta albashin jiya da na yau

Da farko, nemo ma'aunin farashin kayan masarufi, wato lambar da ke nuna yadda farashi ke hawa ko sauka, na bana da na shekarar tsohon albashinka daga hukumar ƙididdiga ta Kamaru. In a arewacin Kamaru kake, na Garwa ko Marwa ya fi na ƙasa baki ɗaya dacewa, domin farashin gero a nan dabam yake da na Duwala.

Sai ka raba ma'aunin bana da na tsohuwar shekarar, ka ninka amsar da tsohon kuɗin. A ce albashinka sefa 80,000 ne lokacin da ma'auni yake 100, yau ya kai 125. Rabawa ta ba da 1.25, ninkawa ta ba da 100,000, wato kuɗin da yau ya yi daidai da tsohon albashinka. In 90,000 kake karɓa yanzu, ƙarfin albashinka raguwa ya yi.

Amma ka tabbata ma'aunan biyu daga shekarar tushe ɗaya suka faro, wato shekarar da aka ɗauki ma'auni a matsayin 100, in ba haka ba lissafin ya ɓaci.