Matakan rubuta wasiƙar fita daga ƙungiyar motsa jiki

Ana ta tambayata, ga yadda ake yi:

1. Ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu.
2. Nemo sakin da ya yi maganar fita.
3. Rubuta sunanka, lambar zama mamba da kwanan wata.
4. Kwafi sharaɗin kalma bayan kalma, har da lambar sakin.
5. Faɗi ranar fitarka. A kula: nan aka fi kuskure. Idan sharaɗi ya ce a ba da sanarwar kwana 30, ka aika 1 ga Afrilu, to sai 1 ga Mayu za ka fita, wani lokaci ma daga ranar da suka karɓa ake ƙirgawa.
6. Nemi su tabbatar maka a rubuce, su ambaci ranar daina cirar kuɗi. Alkawarin baki yana da wuyar zama hujja.
7. Aika ta hanyar da yarjejeniyar ta gindaya.
8. Ajiye kwafi da shaidar aikawa.